Kuɗin da aka aiko gida daga ƙasar waje: ina haraji yake shiga, ina kuma ba ya shiga

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, aka kuma fara aiki da su ranar 1 ga Janairu, 2026, maganar da ta fi yawo a tsakanin masu 'yan'uwa a Jidda da Dubai da Landan ita ce wai duk kuɗin da ya shigo asusu daga waje gwamnati za ta yanki nata. Har akwai waɗanda suka daina aikowa ta banki, suka koma bai wa 'yan kasuwa a can ana biyan iyalansu a nan. Wannan tsoro ya sauka a inda bai kamata ba. Dokar ba ta ɗora haraji a kan aikowa ba. Abin da take tambaya biyu ne: shin wanda ya nemo kuɗin mazaunin Najeriya ne a idon doka, sannan da kuɗin ya iso hannun wanda aka aiko wa, mene ne shi, kyauta ce, amana ce, ko ladan wani aiki? Wanda ya iya amsa waɗannan biyun da takarda a hannu ya gama da mafi yawan matsalar. Duk abin da zai biyo baya a kan dokar Najeriya yake. Wanda iyalinsa suke Maraɗi ko Kumasi, wata doka ce take hawa kansa.

Wanda aka aiko wa

Bari a fara da gida, don nan ne abin ya fi sauƙi. Haraji a kan kuɗin shiga yake, wato abin da mutum ya samu ta albashi, sana'a, kasuwanci, haya ko ribar jari. Uwar da ɗanta yake aiko mata kuɗin cefane duk wata ba ta yi wani aiki aka biya ta ba. Kyauta ce da ɗaukar nauyi, kuma babu haraji a kanta ko nawa ce. Haka kuɗin makarantar yara, kuɗin asibiti, gudummawar biki ko suna, da bashin da aka ci aka mayar. Kwamitin gyaran haraji na fadar shugaban ƙasa, wanda Taiwo Oyedele ya jagoranta, ya fito ya faɗi wannan a fili: aiken iyali da kyauta ta gaskiya ba kuɗin shiga ba ne.

Inda ake samun ruɗani shi ne idan kuɗin ya yi kauri. A ce yaya yana Jidda yana aiko wa ƙanensa naira miliyan 2 duk wata don a gina masa gida a Kano. A shekara miliyan 24 sun ratsa asusun ƙanen, alhali albashinsa na koyarwa bai kai ko kusa da haka ba. A doka wannan kuɗin ba na ƙanen ba ne, amana ce a hannunsa, kuma ba a bin sa harajinta. Sai dai bankuna suna kai wa hukumar haraji rahoton asusun da hada-hadarsa ta wata ta wuce wani mizani, kuma ma'aikacin da ya ga asusu ba ya ganin zumunci, lambobi yake gani. Ranar da aka tambaya, ƙanen ne zai nuna cewa kuɗin ba nasa ba ne. Saboda haka kuɗin gini ya kamata ya sami asusunsa na daban, kada ya haɗu da albashi ko cinikin shago. A ajiye rasit na siminti da rodi da bulo, da takardar filin da ke ɗauke da sunan mai ginin, da rubutaccen saƙo daga yayan mai cewa ga abin da aka aiko kuɗin a yi da shi. Idan kuwa yayan ya ce, "Ƙanena, ka riƙa cire dubu 100 duk wata ladan tsayawa a kan aikin," to wannan dubu 100 ɗin ta zama kuɗin shigar ƙanen, za ta hau kan albashinsa a lissafin shekara.

Haka abin yake idan an aiko jari. Kuɗin da aka sayi Adaidaita Sahu da shi ba a yi masa haraji ranar da ya shigo. Amma balas ɗin da direba yake kawowa kullum riba ce da aka samu a cikin Najeriya, kuma ita doka tana binta. Gidan da aka gama aka zuba 'yan haya ma haka ne: ko mai gidan ya shekara ashirin bai taka ƙasar ba, kuɗin hayar a Najeriya aka same shi, a Najeriya kuma ake biyan harajinsa. Idan kamfani ne yake haya, shi da kansa zai cire kashi 10 cikin ɗari kafin ya biya, ya miƙa wa hukuma da sunan mai gidan, kuma wajibi ne mai gidan ya nemi shaidar wannan cirewa, domin da ita za a rage masa abin da ake bin sa.

Akwai kuma wanda kuɗinsa yake shigowa ta hanya ɗaya da ta masu aike, amma hukuncinsa daban ne ƙwarai. Matashin da yake zaune a Kaduna yana yi wa wani kamfani na Turai aikin kwamfuta, ana turo masa dala duk wata, ba aike ake yi masa ba. Ladan aikinsa ne, shi mazaunin Najeriya ne, a nan kuma ya yi aikin. Tunda wanda ya ɗauke shi aiki ba a nan yake ba, balle ya cire masa haraji daga albashi, shi zai lissafa da kansa ya kai. Rubuta “kyauta” a wurin bayanin tura kuɗi ba ya sauya komai idan kamfani ɗaya ne yake turo adadi ɗaya a ƙarshen kowane wata.

Wanda ya aiko: mazauni ne ko ba mazauni ba

Nan ne zuciyar maganar. Ƙa'idar ita ce mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu a ko'ina a duniya, ko ya kawo kuɗin gida ko ya bar shi a can. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya samu daga cikin Najeriya kaɗai ake bin sa. Albashinsa na waje ba ruwan Najeriya da shi, ko da ya kwaso shi duka ya aiko gida. Ka lura da abin da wannan yake nufi. Mutum biyu za su iya aiko riyal dubu ɗaya ɗaya a rana guda ta banki guda, ɗaya ba a bin sa ko kwabo, ɗayan kuma ana bin sa harajin albashinsa gaba ɗaya, har da wanda ya ci abinci da shi a can. Koren fasfo ba shi yake yanke hukunci ba. Najeriya ba ta bin mutum haraji don kawai ɗan ƙasa ne, saɓanin Amurka da take bin 'yan ƙasarta duk inda suke zaune.

Ma'aunin da kowa ya sani shi ne na kwanaki: wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Najeriya a cikin wata goma sha biyu mazauni ne. Abu biyu ake yawan kuskurewa a nan. Na farko, ba sai kwanakin sun zo a jere ba, tara su ake yi. Na biyu, wata goma sha biyun ba lallai su fara daga Janairu ba. Mutumin da ya dawo gida ranar 1 ga Oktoba, 2026, ya koma ranar 15 ga Afrilu, 2027, ya yi kwana 92 a shekarar farko da 105 a ta biyu. Idan ya duba kowace shekara ita kaɗai zai ce bai kai ba, amma a haɗe kwana 197 ne a cikin wata goma sha biyu, ya haye. Wannan yana samun waɗanda kwantiraginsu ya ƙare suka zauna jiran sabuwar biza, zaman da aka yi niyyar wata biyu ya zarce rabin shekara.

Sai dai kwanaki ba su kaɗai ba ne, kuma a ganina wannan ne wurin da ma'aikacin Arewa ya fi buƙatar buɗe ido. Sabuwar dokar ta jera wasu hanyoyin da mutum zai zama mazauni ko da bai cika kwana 183 ba. Daga cikinsu akwai wanda yake da wurin zama na dindindin a Najeriya da aka tanada don amfaninsa, da wanda nan ne inda ya saba zama, da wanda yake da alaƙa mai ƙarfi ta dukiya tare da iyalinsa na kusa a ƙasar. Ɗaya daga ciki ya isa. To ka dubi yadda mutanenmu suke tafiya neman kuɗi. Likitan da ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Birtaniya, ya saki gidan hayarsa a nan, maganarsa a fili take: ba mazauni ba ne. Amma direba ko mai gyaran lantarki da yake Riyad, matarsa da yara suna gidansa na kansa a Kano, turakarsa tana nan a share, yana da shago a kasuwa da ƙanensa yake tsare masa, yana zuwa hutun wata guda a shekara, wannan idan aka bi lafazin dokar hukuma tana da abin kamawa ta ce mazauni ne.

Bayanan da jami'ai suka yi wa 'yan Najeriya mazauna waje sun fi jingina a kan kwana 183, kuma mutane da yawa sun ji wannan sun kwanta. Amma ranar da aka yi jayayya, abin da aka rubuta a doka za a buɗe, ba abin da aka faɗa a taro ba. Wannan ba yana nufin duk mai iyali a gida ya zama mazauni ba. Gida kawai wanda aka ba da haya ba wurin da aka tanada don zamanka ba ne, kuma maganar iyali an haɗa ta da ta dukiya mai nauyi. Abin da nake cewa shi ne mai gida da mata da kasuwanci a nan kada ya yanke wa kansa hukunci da ƙirgen kwanaki kawai. Ya tara shaidar zamansa a can: igama, kwantiragin aiki, takardar hayar ɗakinsa, takardun albashi, da hatiman shige da fice na fasfo. Sannan ya sa masanin haraji ya duba lamarinsa, in da hali a rubuta wa hukumar harajin jiharsa a sami matsayinta a rubuce. Kuɗin wannan shawara kaɗan ne idan aka gwada shi da harajin shekaru da tara a kai.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani ga masu aiki a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf shi ne Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar ba sa cire harajin albashi. Wannan daɗi ne muddin kai ba mazaunin Najeriya ba ne. Idan aka ce mazauni ne, ba ka da wani haraji da ka biya a can da za a rage maka, sai ka biya na Najeriya cif. Wanda yake Birtaniya, Faransa, Kanada, Sin ko Afirka ta Kudu yana da garkuwa biyu: ya riga ya biya a can, sannan akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin waɗannan ƙasashe da Najeriya. Idan ƙasashen biyu kowace ta ce nata ne, yarjejeniyar tana da tsarin raba gardama, ana fara duba inda gidansa na dindindin yake, sannan inda rayuwarsa da dukiyarsa suka fi karkata, sannan inda ya fi zama, sai a ƙarshe a duba ɗan wace ƙasa ne.

Lissafi da misali

A ɗauki mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki wanda yake da wurin aikinsa a Kano. A 2026 ya sami kwantiragin wata biyar a Jidda, ana biyansa riyal 6,000 a wata, ya gama ya dawo. Ya yi kamar kwana 150 a can, sauran 215 a gida, don haka babu gardama mazauni ne. Abin da ya samu a Jidda riyal 30,000 ne. Don sauƙin lissafi a ce riyal ɗaya naira 400 ce. A lissafi na gaske farashin hukuma na lokacin da aka biya shi za a ɗauka, ba na 'yan canjin Wapa ba. Wato naira miliyan 12. Daga ciki ya aiko gida miliyan 7, sauran ya ci, ya yi Umara, ya sayo kayan aiki da tsaraba. Wurin aikinsa na Kano kuma ya ba shi ribar naira 2,400,000 bayan an cire kuɗin gudanarwa.

Kuskuren farko da zai iya yi shi ne ya ce miliyan 7 ce ta shigo Najeriya, ita zai bayyana. A'a, miliyan 12 ce, domin abin da ya samu ake bi. Jimillar kuɗin shigarsa ta zama naira 14,400,000. Yana biyan hayar gida naira miliyan 1 a shekara, kuma sabuwar dokar ta ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya, muddin rangwamen bai wuce naira 500,000 ba. Nasa 200,000 ne, sai ya rage 14,200,000 da za a yi wa lissafi. Da yana zuba kuɗin fansho, inshorar lafiya ta ƙasa ko inshorar rai, su ma da an cire su a nan.

Harajin hawa-hawa yake. Naira 800,000 ta farko ba a biyan komai a kanta. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana ɗaukar kashi 15, wato 330,000. Miliyan 9 da ke biye kashi 18, wato 1,620,000. Zuwa nan an cinye miliyan 12, saura 2,200,000 da ta faɗa matakin kashi 21, wato 462,000. A haɗa, harajinsa na shekarar naira 2,412,000 ne. Akwai matakai biyu a sama, kashi 23 da kashi 25, na biyun a kan abin da ya haura miliyan 50, amma shi bai kai can ba.

Da ya ɓoye kuɗin Jidda ya bayyana ribar Kano kaɗai, da naira 210,000 zai biya. Tazarar ta fi miliyan 2, kuma ita ce za ta zama bashi a kansa da tara da kuɗin jinkiri ranar da aka gano. Shawara mai amfani ga mai irin wannan kwantiragi ita ce tun daga albashin farko ya riƙa ware kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe. Wanda ya dawo ya zuba komai a gini da biki, watan Maris na kai rahoton haraji zai same shi hannu babu komai.

Yanzu a sauya abu ɗaya. A ce aikin a wata ƙasa ya yi shi wadda take cire harajin albashi, aka cire masa daidai da naira 1,500,000. Dokar ta yarda a rage masa harajin da ya biya a waje, amma da iyaka: ana ɗaukar wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da ya biya a can da kason harajin Najeriya da ya faɗa kan wannan kuɗin. Kuɗin waje miliyan 12 ne cikin 14,400,000, wato kashi biyar cikin shida, kuma kashi biyar cikin shida na 2,412,000 shi ne 2,010,000. Abin da ya biya a can bai kai haka ba, don haka za a cire 1,500,000 duka, ya cika 912,000. Da kuwa miliyan 3 aka cire masa a can, rangwamen zai tsaya a 2,010,000, ya biya 402,000, kuma Najeriya ba za ta mayar masa da rarar da wata gwamnati ta karɓa ba. Duk wannan ya rataya ne a kan takardar shaidar biyan haraji daga hukumar can. Wanda ya baro ƙasar bai karɓo ta ba zai sha wuyar samunta daga nesa, kuma babu ita babu rangwame. Wannan lissafin na kuɗin aiki ne. Haya ko ribar hannun jari da aka samu a waje suna da nasu hukuncin daban.

Yaushe, kuma a ina

Mazauni yana kai rahoton kuɗin shigarsa na shekara ga hukumar harajin jihar da yake zaune: KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, FCT-IRS a Abuja. Wanda ba mazauni ba amma yana da haya ko kasuwanci a nan, lamarinsa yana hannun hukumar tarayya, NRS, wadda ta gaji FIRS. Wa'adin shi ne 31 ga Maris na shekarar da ke biye, wato kuɗin 2026 ana bayyana shi kafin ƙarshen Maris na 2027. Kuɗin da aka samu kafin 2026 tsohuwar doka ce take hukunci a kansa, da nata matakan. Lambar NIN ita ce take zama lambar harajin mutum, don haka mafi yawan mutane ba sa buƙatar neman wata sabuwa. Rashin kai rahoto yana da tararsa daban da harajin kansa: naira 100,000 a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Jinkirin wata biyar ya zama 300,000 tun ba a zo maganar abin da ake bin mutum ba. Ma'aikacin gwamnati da ya ɗauki hutu ya je ya yi aikin 'yan watanni a waje kada ya ɗauka harajin da ake cire masa a albashi ya wadatar, domin ofishinsa bai san da kuɗin waje ba.

Masu cewa wa zai sani su tuna abu biyu. Asusun banki a nan yana ɗaure da BVN da NIN. Sannan tun 2020 Najeriya ta shiga tsarin da ƙasashe suke musayar bayanan asusun banki a tsakaninsu kowace shekara, ta yadda asusun da mazaunin Najeriya ya buɗe a wata ƙasar da ke cikin tsarin zai iya isowa teburin hukuma ba tare da an tambayi mai shi ba. Hukuma tana iya waiwayar shekara shida ta sake lissafi, shi ya sa takardu ma shekara shida ake ajiye su. Idan aka aiko wa mutum takardar cewa ana bin sa kaza bai yarda ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi da hujjojinsa. Wanda ya jefa takardar a aljihun mota ya bar kwanakin suka wuce, adadin ya tabbata a kansa ko da kuskure ne.

Hanyar da kuɗin ya bi

Komawa hannun 'yan kasuwa don gudun haraji ya fi jawo abin da ake gudu. Ka ba wani riyal a Jidda, abokin cinikinsa a Kantin Kwari ya tura wa matarka naira. A takarda, abin da ya bayyana shi ne wani ɗan kasuwa a Kano yana tura wa wata mata kuɗi duk wata, babu abin da ya haɗa kuɗin da kai ko da albashinka. Idan ƙanenka ne mai karɓa kuma yana da shago, kuɗin ya yi kama da ciniki sak. Aike ta banki ko ta kamfanin tura kuɗi mai lasisin Babban Bankin Najeriya yana barin sunan mai aikowa, ƙasar da ya fito, da rana, kuma wannan ita ce shaidar da take wanke mai karɓa. Tun Janairun 2024 Babban Bankin ya umarci waɗannan kamfanoni su riƙa biya da naira. A 2025 kuma ya buɗe wa mazauna waje hanyar yin BVN daga inda suke da asusu na musamman da sunansu, wanda ya sa mai gini zai iya biyan mai siminti kai tsaye daga asusunsa ba sai kuɗin ya kwana a na ƙanensa ba. Ga mai babban aiki a gida, wannan ita ce hanya mafi tsabta.

Akwai 'yan cire-cire da mutane suke gani su ɗauka harajin aike ne. Naira 50 da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye tsakanin asusu harajin hatimi ne, bai shafi daga ina kuɗin ya fito ba. Abin da kamfanin tura kuɗi ya yanka kamashonsa ne. Waɗanda suke Amurka su ne suke da harajin aike na gaske: daga 1 ga Janairu, 2026, gwamnatin can tana karɓar kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka kai wa wakili a hannu don a tura waje, amma ba ta karɓa idan daga asusun banki ko katin banki na can aka tura. Wannan kuɗin baitulmalin Amurka yake shiga, ba na Najeriya ba.

Mai dawowa da tsabar kuɗi a jaka kuma, idan sun haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, dole ya bayyana wa jami'an kwastan a filin jirgi. Bayyanawar ba haraji ba ce, ba a cire ko sisi saboda ita, amma rashin yin ta laifi ne a ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022, kuma yana iya sa a ƙwace kuɗin. Ka cike takardar, ka karɓi kwafinka, ka ajiye shi tare da kwantiragi da takardun albashi.